Zama Huɗu a Magariba

Alhajin nan mai sayen dawa ya yi mini ƙarya a cikin masallaci, a gaban mutane, cewa na sallaci Magariba raka'a huɗu. Da wannan maganar ya raba ni da ɗakin da aka yi alkawarin ba ni, ni da matata da 'ya'yana mata biyu da tsohuwata. Ba zan sakaya ba, abin da ya yi ke nan. Mai yiwuwa ranar bai san ƙarya yake yi ba. Ni na sani, kuma na yi shiru, wannan ne yake ci na har yau.

Ni mutumin Madani ne, a ƙasar Sudan. Can aka haife ni, can aka haifi ubana, kakana ne ya taso daga ƙasar Hausa zai je Makka, ya tsaya tsinkar auduga, shi ke nan ya zauna. Sana'ata gyaran injin ban ruwa, shi ya sa ake ce mini Usta, wato gwanin gyara. Da yaƙi ya iso garinmu muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, muka zo Gadarif. Aka sa mu a wata makaranta, aji ɗaya gida uku, an raba da buhuna da zannuwa. In tsohuwata ta yi tari, maƙwabci ya ce sannu ta bayan buhu. Haka muka yi watanni.

Sai aka fara cewa za a buɗe makarantu, duk wanda ke ciki za a kwashe shi zuwa tantuna bayan gari. Kuma damina ta kama. Wanda bai san laka ta Gadarif ba bai san abin da nake faɗi ba. Baƙa ce, in ta jiƙe tana kama ƙafa kamar tana da hannu, ka taka sau uku takalminka ya yi nauyin bulo. A cikin wannan za a kafa wa tsohuwa tanti.

Akwai masallacin da nake zuwa a unguwar mutanenmu, ƙarami, da baranda a gaba. A bayansa akwai ɗaki ɗaya na jan bulo da rumfa da makewayi, inda ladan ke zama. Ladanin ya tsufa, idonsa ya mutu, 'ya'yansa sun ce za su zo su tafi da shi garinsu Mafaza. Ana neman wanda zai karɓe shi: kiran salla, shara, cika randuna, in liman bai fito ba ya ja mutane. Alhajin nan shi ya gina ɗakin, shi ne kuma babba a lajnar masallacin, wato 'yan kwamitin da ke yanke magana. Shi da bakinsa ya ce mini, "Usta, ka riƙa taya tsohon nan aiki. In ya tafi, makulli naka ne."

Na kama. Shara ni, randa ni, na gyara musu famfo da ya shekara yana zuba. Matata har ta je ta leƙa ɗakin ta taga, ta dawo tana lissafa inda za ta sa gadon Inna. Ba ta gaya wa kowa ba, ni kaɗai ta gaya wa, a hankali, saboda buhu ba ya tare magana.

Ranar da abin ya faru, hadari ya taso bayan La'asar. Alhaji ya aiko a kira ni sitonsa, rufin yana yoyo, a ja buhunan dawa a lulluɓe da tamfol. Na je. Muka yi ta fama har ruwa ya ɗauke. Wuta ta tafi tun farkon ruwan, lasifika ba ta aiki, ba mu ji kiran salla ba, duhu kawai muka gani. Muka yi alwala a bakin sito muka kama hanya, shi a gaba ni a baya, don gwiwata ta hagu ba ta son sauri.

Da muka iso, an cika ciki, sahu biyu sun fito baranda, kowa yana ruku'u. Alhaji ya yar da takalmi, ya yi can ƙarshen sahu wajen bango inda akwai gurbi, ya yi kabbara ya sunkuya. Ni laka ta riƙe mini takalmi ɗaya, na tsaya ina fizga daidai bakin ƙofa. Daga nan ana hango liman tsaf, fitilar caji tana rataye a kansa. Na ga rawaninsa. Ya riga ya miƙe tsaye. Sahun farko ma suna ɗagowa. Na baranda ne kaɗai ke duƙe, don liman tsoho ne, muryarsa ba ta fita ƙofa, sai sun ji motsin na gabansu suke ɗagowa. Kuma a lokacin Alhaji bai ma sauke hannu daga kabbara ba. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Ni ba malami ba ne. Allo na yi, ban sauke ba, boko kuma aji huɗu na bari na shiga gareji. Amma wannan babin ubana ya koya mini shi da duka, don mu mutanen gona ne, kullum a makare muke zuwa salla. Ya ce raka'a ana samunta ne da ruku'u. In tafin hannunka ya sauka a gwiwa kafin liman ya ɗago, ka samu. In ya riga ka, ta wuce, ka bi shi a sauran amma kada ka ƙirga ta. Kuma ya ce liman ake dubawa, ba maƙwabcinka na sahu ba.

Don haka na yi kabbarar harama a tsaye, ban sunkuya ba, na bi su sujada. A lokacin ban ma san a raka'a ta nawa suke ba. Bayan sujada biyu liman ya zauna tahiya, na ce to, ta biyu ce ta wuce ni, ta farko ma ta tafi tuntuni. Na zauna tare da su, zama ɗaya ke nan. Aka tashi ta uku, na same ta cikakkiya, ita ce ta farko a wajena. Aka zauna, zama biyu. Liman ya yi sallama, na miƙe, saura biyu a kaina. Na karanta Fatiha da sura a bayyane, daidai yadda zan ji kaina, don abin da ya wuce ni ke nan. Na yi ruku'u da sujada na zauna, saboda ita ce ta biyu a lissafina, kuma ana zama a ta biyu. Zama uku. Na sake tashi, Fatiha da sura, ruku'u, sujada, na zauna na yi tahiya na sallame. Zama huɗu, raka'a uku. Haka take, ko wa za a tambaya.

Alhaji kuwa ɗaya ya kawo ya sallame, don a ganinsa ya sami ta biyu. Ya juyo yana jan carbi, yana kallona ina tashi ina zama.

Ina shafa addu'a na ji muryarsa. Ba ya magana a hankali, mutumin kasuwa ne.

"Usta, Magariba ka yi ko Isha'i?"

Aka yi dariya kaɗan. Na ce, "Magariba, ya Hajj."

"To nawa ka kawo?"

"Biyu."

"Biyu! Jama'a, tare muka taso da bawan Allahn nan daga sito, ƙafata ƙafarsa. Ni ɗaya na cika. Shi biyu. Na zauna ina ƙirga masa, sau huɗu ya zauna. Yaushe aka ƙara wa Magariba, ba a sanar da mu ba?"

Wani daga sahun gaba ya ce, "Ta Madani ce, ya Hajj, da gyara ake ba da ita." Aka fashe da dariya sosai.

Na ce, "Ban sami ruku'un ba."

"Wane ruku'u? Mutane na duƙe muka shigo. Ko ba a duƙe kuke ba?"

Na baranda suka ce a duƙe suke. Gaskiya suka faɗa. Mai ruku'u ƙasa yake kallo, ba wanda ya ga abin da na gani.

To nan ne aka ɗaure ni. Amsar tana bakina: liman ya riga ya ɗago, ku ne ba ku ji ba. Amma in na faɗi haka, na ce ke nan shi ma Alhaji bai samu ba, Magaribarsa raka'a biyu ce, ya tashi ya cika. A gaban yaran sitonsa, a gaban 'yan lajna, a masallacin da ya sa wa rufi. Na tuna taga, na tuna inda za a sa gadon Inna. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Takalmina ne ya maƙale."

"Takalminsa ya maƙale," in ji Alhaji, yana juyawa wajen mutane. "To Allah ya kyauta. Wannan ne zai ja mu salla ran da Malam ba ya nan? Mu shiga Asuba mu fito da hantsi?"

Liman yana can ciki yana nafila, bai ji komai ba. Na ɗauki takalmina na tafi.

A aji na gaya wa matata. Ta saurara har ƙarshe, tana tsince shinkafa a faranti, sannan ta ce, "To yanzu kai ne daidai?"

"Ni ne."

"Shi kuma sallarsa ba ta yi ba?"

"Ba ta yi ba. Da ya tuna nan take, sai ya cika. Yanzu an daɗe, ya fita masallaci, sai dai ya sake ta."

Ta ajiye farantin. Ta ce, "Malam, don girman Allah, ka bari makullin ya shigo hannu. In ya shigo, ka je ka karantar da shi har ya gaji. Yanzu dai ka rufe bakinka."

Na ce salla ce fa.

Ta ce, "Na sani. Ka dubi Inna."

Na duba. Tana kwance a tabarma, an sa kwano a gefen kanta yana tarar ruwan rufi.

Washegari bayan Azahar na bi liman gida. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, da ma ba shi da ita. Na zauna ƙasa na ba shi labari tun daga sito. Ya sa na maimaita wajen ƙofar sau biyu.

"Ka ga kaina a tsaye?"

"Allah gafarta Malam, kamar yadda nake ganinka yanzu."

"Shi kuma bai kai hannu gwiwa ba?"

"Bai ma fara sunkuyawa ba."

Ya yi ƙirga da yatsu, bakinsa na motsi. Ya ce, "Sallarka ta yi, ba abin da ka ƙara. Wa ya koya maka?" Na ce ubana. Ya ce Allah ya ji ƙansa, ya iya koyarwa.

Na ce, "To Malam ka faɗa wa jama'a."

Ya gyara shimfiɗa, ya kori ƙuda. Ya ce, "Usta, ni ban ga bayana ba. Abin da ka gani kai kaɗai ka gani. In na tashi na ce Alhaji bai samu ba, zai ce wa ya shaida? In ce kai?" Sannan ya ce, "Amma wajibi ne ka gaya masa. A keɓe, da lafazi mai daɗi. Hakkinsa ne a kanka."

Na ce, "Ɗakin fa?"

Ya ce, "Allah yana nan."

Na san Allah yana nan. Na kuma san buhun dawar da ake ci a gidan liman daga wane sito yake fitowa. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma mai iyali ne. Ya dai yi mini alkawari zai yi karatu a kan wanda ya makara a salla, ba tare da ambaton kowa ba.

Ya cika alkawari. Bayan La'asar wata rana ya zauna ya yi bayani tiryan-tiryan, har ya kawo misalin Magariba mai zama huɗu, ya ce wanda ya yi haka ya yi daidai. Mutum bakwai ne a wajen, biyu suna gyangyaɗi. Alhaji ya tafi garin Fau ranar. Bayan an tashi wani ya dafa ni ya ce, "Ka ji ko, Usta? Wannan ga wanda bai sami ruku'u ba ne. Kai ai ka samu, ruɗewa ka yi."

Daga nan sunan ya bi ni. In na shigo, wani ya ce, "Ga mai huɗu nan, a matsa masa." In na tsaya a sahu, na kusa da ni ya raɗa, "Uku ce fa yau." Ba mugunta suke yi ba, mutane ne da yaƙi da tsada suka matse, sun sami abin dariya. Ni kuma na ci gaba da shara, na ci gaba da cika randa. Ina zuwa kafin kowa don kada in sake makara. Sau biyu na sami Alhaji shi kaɗai yana sa takalmi, na matsa kusa, na ce, "Ya Hajj," ya ce, "Na'am, Usta?" sai in ce, "Ya kasuwa?" Ko a salla abin ba ya barina. Ina sujada ina tuna akwai Musulmi a sahun nan da Magariba ɗaya ba ta sauka daga kansa ba, ni na sani, na ɓoye saboda ɗaki. Ubana da yana raye da ya tofa mini yawu.

'Ya'yan ladan suka zo da mota suka ɗauke shi. Ni na ɗaure masa kayansa, ni na share ɗakin, na toshe ramin ɓera da siminti. Ranar Juma'a lajna ta zauna. Ba a kira ni ba. Da yamma na ga wani mutum yana shigar da katifa ɗakin, shi da matarsa da jariri. Daga Khartum suka gudo, malamin makaranta ne a da, karatunsa da daɗi, ba ya gardama da kowa. Na so in ƙi shi, na kasa. Shi ma a aji yake kwana kamar ni. Har katifar na kama masa, don ƙofar ƙarama ce.

Ɗaya daga cikin 'yan lajna ya gaya mini yadda aka yi. Liman ya ambaci sunana, ya ce Usta ya yi wahala, kuma ya san hukuncin salla. Alhaji ya ce, "Usta mutumin kirki ne, hannunsa da albarka. Amma salla ba famfo ba ce. Da idona na gani." A kan haka aka ba malamin makarantar ɗakin.

Bayan sati biyu aka kwashe mu. Tantinmu yana layi na ƙarshe, wajen da ruwa ke taruwa. Na haƙa rami kewaye da shi, na ɗora gadon Inna a kan duwatsu. Tun da ɗakin ya kuɓuce mana, matata ba ta ce mini komai a kansa ba, ko sau ɗaya. Ran da muka tare ne kawai, tana ɗaure igiya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Yanzu kana iya zuwa ka gaya masa."

Ban je nan da nan ba. Tafiyar da nisa, laka kuma ba ta bushe ba. Gaskiya kuma kunya nake ji, don na san ba tsoron Allah ne ya buɗe mini baki ba, abin da nake tsoron rasawa ne ya riga ya tafi.

Na same shi da hantsi a bakin sito, a kan kujerar roba, ana auna dawa a gabansa. Mai shayi ta kawo masa kofi. Ya gan ni ya washe baki.

"Usta! Ina ka shiga? Wallahi famfon nan ya sake zuba. Ya tantin? Ma'alesh, haƙuri za a yi, abin na lajna ne, ba ni kaɗai ba. A kawo masa shayi."

Na ce ba shayi ya kawo ni ba, magana ce, mu koma gefe. Liman ya ce a keɓe, na so in cika wannan ko da ban iya lafazi mai daɗi ba. Alhaji ya ce, "Faɗi nan, duk 'ya'yana ne."

Na ce to.

Na ce, "Ya Hajj, ranar ruwan nan, da ka yi kabbara a jikin bango, liman ya riga ya miƙe. Ina bakin ƙofa, na ga rawaninsa. Na baranda ne ba su ji ba. Ba ka sami raka'ar ba, ni ma ban samu ba. Ni na kawo biyu, tawa ta cika uku. Kai ka kawo ɗaya."

Masu awo suka tsaya. Ya ajiye kofin. Ya ce, "Sai yau? In gaskiya ne, me ya hana ka faɗa a ranar?"

Na ce, "Ɗakinka ne ya hana ni. Na ji tsoronka fiye da yadda ya kamata, wannan laifina ne, ni zan amsa shi. Ɗaki ka ba wanda ka ba, ban zo roƙo ba, uwata tana kwance a kan ruwa kuma ba kai za ka ɗauke ta ba. Ka ce da idonka ka gani. Zamana ka ƙirga, ba ka ƙirga raka'arka ba. Magaribarka ta ranar nan biyu ce, Alhaji. Ka tashi ka yi alwala ka rama ta."